Awo Kafin Yanka: Takardar da Edita Ke Bai wa Marubuci Mai Zaman Kansa

Duk wanda ya taɓa kai wa tela yadi ana saura mako guda sallah ya san abin da kan biyo baya idan ba a yi awo ba. Tela zai yanka yadda ya ga dama, mai kaya ya zo ya tarar da hannun riga ya wuce yatsu, wando kuma bai kai idon sawu ba, a tsaya ana ta musun wanda ya yi laifi. Yadi dai ya riga ya yanku. Irin wannan rigimar ce ke tashi tsakanin editoci da marubuta masu zaman kansu, waɗanda ba ma'aikatan gidan jarida ba ne, aiki ɗaya-ɗaya suke karɓa a biya su. Awon da ke hana ta tashi shi ne takardar bayanin aiki, wadda 'yan jarida da masu harkar talla ke kira birif.

Takarda ce gajera, galibi ba ta wuce shafi ɗaya. Abu biyar take fayyacewa: wa zai karanta, da wace irin murya za a yi masa magana, waɗanne kalmomi ne dole su fito, tsawon rubutun nawa ne, kuma yaushe za a miƙa shi. A ido kamar ba wani abu ba ne. Amma kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin hukunci ne da edita zai yanke da kansa tun kafin marubuci ya zauna. In bai yanke ba, marubuci zai yanke masa bisa hasashe, shi kuwa hasashe ba kullum yake faɗawa daidai ba.

Abin ba baƙo ba ne a tarihin rubutun Hausa. A 1933, lokacin da Dokta Rupert East na hukumar fassara da talifi ta Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar ƙagaggun labarai, ya faɗa musu abin da yake so: labari na zube da boko, mai tsawon kalmomi wajen 20,000, wanda mutum zai karanta don nishaɗi. Daga wannan gasar aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Haka ma gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016: ta mata ce, labari ya tsaya tsakanin kalmomi 1,000 da 1,500, a rubuta da daidaitacciyar Hausa, a aika kafin ranar rufewa. Sharuɗɗan gasa da takardar bayanin aiki 'yan gida ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne ta gasa ta jama'a ce, ta edita kuwa mutum ɗaya ake rubuta wa.

Don a ga yadda abin ke tafiya, a ɗauki misalin editan wata mujallar manoma a Kaduna da ke son a yi masa rubutu kan adana wake, da kuma wata marubuciya a Kano da ya saba bai wa aiki. Saƙonsa na farko ta waya bai wuce layi biyu ba: "Malama, don Allah a ɗan yi mana rubutu kan ajiyar wake, kada ya yi tsawo sosai, muna so da wuri."

Marubuciyar ta kwana goma tana aiki. Ta leƙa kasuwar Dawanau ta zanta da dillalai, ta binciko yadda Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, ta haɗa rahoto mai kalmomi 2,300 da ya dace da teburin jami'an ma'aikatar gona. Rubutu mai kyau, babu ƙarya a ciki. Edita ya karanta ya dafe kai. Shi abin da ke ransa shafi biyu ne da manomi zai karanta ya tashi ya ɗaure buhunsa. Da ya kira ta, amsarta ba ta da wuyar ganewa: "Ranka ya daɗe, ai ba ka faɗa mini wa zai karanta ba."

A nan ne komai ya rataya. Mai karatu shi ne jigon takardar, sauran huɗun daga gare shi suke tsirowa. Editoci da yawa sukan rubuta "jama'a" ko "manoma" su wuce, alhali manoma kashi-kashi ne. Mai hekta hamsin da tarakta da akawu manomi ne, mai buhu uku da yake son ya riƙe su har farashi ya tashi da bazara shi ma manomi ne, kuma abin da ke hana ɗaya barci bai dami ɗayan ba. Gogaggen edita yakan zana mutum ɗaya tilo. A takardarsa ta biyu, editan Kaduna ya rubuta cewa mai karatun ƙaramin manomi ne ko matar aure mai saro wake lokacin kaka, wanda ke ajiye buhu biyu zuwa goma, ya yi firamare ko sakandare, yana karanta Hausar boko amma Turanci bai zauna masa ba, kuma mai yiwuwa ɗansa ne zai karanta masa da babbar murya a ƙofar gida. Ya ƙara da abin da mutumin ya riga ya sani: ya san ƙwaro na huda wake ya mayar da shi gari, ya san wasu na zuba fiya-fiya ko ƙwayar magani a buhu. Abin da bai sani ba shi ne yadda buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Sai ya rufe da abin da ake so ya yi idan ya gama karatu: ya iya cika buhun ya ɗaure shi daidai da hannunsa.

Wannan bayanin kaɗai ya zubar da rabin rahoton farko. Maganar Tarayyar Turai ta koma jimla ɗaya. Tarihin buhun, cewa masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi daga binciken da aka faro a arewacin Kamaru, kuma an soma yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007, ya koma jimla biyu. Matakan ɗaure buhu kuwa, da a da suka samu sakin layi guda, suka zama ƙashin bayan rubutun.

Akwai wata tambaya da editan Hausa ba zai tsallake ba: mai karatun yana wane ɓangaren iyaka? Idan mujallar tana kaiwa Maraɗi da Damagaram, farashi da naira kaɗai bai isa ba, domin can da sefa ake lissafi, ana cewa jaka ɗaya a nufi sefa 1,000. Awo ma haka: wani wuri mudu, wani wuri tiya, wani wuri kwano, kuma girmansu ba ɗaya ba ne. Hatta harafi yana bambanta, don a Nijeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma akwai harafi na musamman mai lanƙwasa da ake sawa a madadin wannan. Layi ɗaya a takardar, kamar "Hausar Kano, farashi da naira, nauyi da kilo tare da tiya", ya kashe wannan magana.

Daga mai karatu sai murya. Nan ne editoci suka fi faɗawa tarkon kalmomin da ba su da awo. "A yi shi da armashi." "Ya zama mai sauƙi amma na ƙwararru." Marubuta goma za su fassara wannan ta hanya goma. Abin da ke aiki shi ne a kwatanta muryar da ta wani mutum da kowa ya sani, sannan a kawo jimlar da ake so da wadda ba a so. Editan ya rubuta: muryar malamin gona da ya zauna kan tabarma da manoma bayan la'asar, yana bayani cikin girmamawa, ba ya wa'azi, ba ya raina kowa. Ya ba da misalin abin da ba ya so: "Ya zama wajibi ga manoma su rungumi fasahohin zamani domin rage asarar bayan girbi." Ya ba da wanda yake so: "Kafin ka zuba wake, hura iska a ledar ka matse ta. In ka ji tana saki, ta huje, kada ka yi amfani da ita."

A Hausa, murya tana da wani reshe na dabam da dole a tsayar: ka, ki, ku ko a? Idan aka ce "ka ɗaure", an bar mata a waje, alhali su ne masu ajiyar wake a gidaje da dama. Idan aka ce "ku ɗaure", an haɗa kowa kuma an girmama. Idan aka ce "a ɗaure", an yi nesa da mai karatu kamar sanarwar hukuma. Bayan ya sake duba misalin da ya bayar, editan ya gyara shi da kansa ya zaɓi "ku". Ya kuma ja kunne a kan abu ɗaya: kada a zagi masu zuba magani a wake, domin da yawa cikin masu karatun suna yi, kuma wanda aka zaga ba ya ƙarasa karatu. A faɗi illar a sarari, a nuna mafita.

Na uku shi ne muhimman kalmomi, wato kalmomin da mutum ke bugawa a waya idan yana neman abu. Tunda mujallu na sa rubuce-rubucensu a intanet bayan bugu, edita yana so mai neman bayani a Google ya faɗo kan nasa. Hanyar gano kalmomin ba ta da wuya. Ana fara buga jimla a akwatin bincike a ga yadda Google ke ƙarasa ta, ana duba Google Trends, wanda ke nuna farin jinin kalma a ma'aunin 0 zuwa 100 maimakon ainihin adadin masu nema, sannan ana sauraron yadda mutane ke faɗin abin a kasuwa. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci ga Hausa, domin kayan binciken ba su da wadataccen bayani kan harshen.

Misalin wake ya fito da matsaloli biyu da marubucin Turanci bai san da su ba. Ta farko, haruffan kalmar wake sun yi daidai da na wata kalmar Turanci, don haka wanda ya buga ta ita kaɗai zai ga abubuwan da ba ruwansu da hatsi. Dole kalmar nema ta zama jimla: "yadda ake adana wake". Ta biyu, yawancin mutane ba sa wahalar da kansu da haruffa masu lanƙwasa a waya. Suna buga kwaro, ba ƙwaro ba. Editan ya yanke cewa a jikin rubutu za a bi ƙa'ida a rubuta ƙwaro, amma babbar jimlar da za a sa a take za ta kasance wadda babu harafi mai lanƙwasa a cikinta. Ya ba da babba ɗaya, "yadda ake adana wake", da ƙanana uku: "buhun PICS", "ƙwaron wake", "ajiyar wake ba magani". Ya faɗi inda babbar za ta fito: a take, a sakin layin farko, da ƙaramin kan magana guda. Shi ke nan.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce wa marubuci ya maimaita kalmar sau goma sha biyar. Sakamakon rubutu ne mai kama da kiran mai talla a tasha, kuma Google da kansa ya lissafa cusa kalmomi barkatai cikin abubuwan da ke ja wa shafi koma baya. Gwajinsa mai sauƙi ne: a karanta sakin layin da babbar murya. Duk inda harshe ya yi tuntuɓe da kalmar da aka tura da ƙarfi, a cire ta.

Tsawo kuma sai da lamba. "Kada ya yi tsawo" ba awo ba ne. Shafi biyun da editan ya ware, bayan an cire gurbin hotuna uku, suna ɗaukar kalmomi wajen 1,200, sai ya rubuta 1,200, da sassaucin kashi goma cikin ɗari sama ko ƙasa, wato daga 1,080 zuwa 1,320. Ya kuma kasa su: 150 na buɗewa, 250 na bayanin yadda ƙwari ke cinye iskar da ta rage a buhu su mutu, 450 na matakai, 200 na kurakurai, 150 na lissafin kuɗin buhu da inda ake samunsa. Kason nan yana gaya wa marubuciya inda za ta daɗe da inda za ta wuce da sauri. Da ta ga 450, ta san za ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya: a busar da wake sarai, a sheƙe shi, a duba ledojin, a sa ɗaya cikin ɗaya sannan cikin buhun waje, a cika a bar wurin ɗauri, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta ita kaɗai, a ɗora buhun kan katako nesa da bango saboda ɓera.

Wani abu da ke haddasa gardama shi ne ƙirgen kalmomin Hausa. Harshen cike yake da ƙananan kalmomi irin su ya, ta, na, da, ke, kuma kwamfuta tana ƙirga kowacce a matsayin kalma cikakkiya. Idan kamfani ya auna tsawo da rubutun Turanci ya ce a yi daidai da shi da Hausa, sau da yawa na Hausa yakan zarce. In kuma ana biya ne bisa kowace kalma, sai a fayyace tun farko: ƙirgen wanda aka miƙa za a bi, ko na wanda aka buga bayan edita ya datse? Take da bayanan ƙarƙashin hoto suna cikin lissafi? A misali, in an yi ciniki kan naira 25 kowace kalma, 1,200 ta kama naira 30,000. In edita ya datse 200 ya ce a kan abin da aka buga zai biya, naira 5,000 ta tafi, kuma da ita zumunci yakan tafi.

Saura wa'adi. "Da wuri", "ƙarshen mako" da "in Allah ya kai mu bayan sallah" duk ƙofofin rigima ne. Wa'adi yana buƙatar rana da kwanan wata da ƙarfe, kuma in aikin ya ƙetare iyaka, a faɗi agogon wace ƙasa. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, Ghana tana baya da awa guda, Sudan tana gaba da awa guda. Marubuci a Kumasi da aka ce wa ƙarfe 12 na rana zai iya makara da awa ɗaya cur yana ganin ya cika alkawari.

Ana lissafin wa'adi ne daga ƙarshe a dawo baya. Ana girbe wake a Arewa daga wajen Oktoba zuwa Nuwamba, saboda haka rubutun da ya fito a Janairu ya zo bayan an riga an ɗure buhuna. Editan yana son mujalla ta shiga kasuwa ranar 1 ga Oktoba. Maɗaba'a na son a kai mata aiki ranar 22 ga Satumba. Mai tsara shafi na buƙatar mako guda, wato rubutu ya kammala ranar 15. Daga nan ya fitar da ranaku huɗu maimakon ɗaya: tsarin rubutu a layi biyar ranar 22 ga Agusta, cikakken rubutu ranar Litinin 8 ga Satumba da ƙarfe 12 na rana, gyaran edita zuwa ranar 11, rubutun ƙarshe ranar 15. A lura cewa ɗaya daga cikin ranakun a wuyan edita take. Wa'adi yana ɗaure ɓangare biyu ne, kuma editan da ya riƙe rubutu mako biyu sannan ya nemi gyara cikin dare ɗaya shi ne ya fara saɓawa.

Layi biyar ɗin nan na 22 ga Agusta su ne mafi arha a duk tsarin. Da an nemi irinsu a karon farko, da edita ya ga "haramcin Tarayyar Turai" a sama ya taka birki kafin a ɓata kwana goma.

A ƙasan takardar akan ƙara abubuwan da ba sa cikin biyar ɗin amma suna riƙe su: nawa za a biya, ko akwai kafin alƙalami, zagaye nawa na gyara ke cikin kuɗin, me za a ba marubuci in an fasa bugawa ba da laifinsa ba, da kuma wanda ya mallaki rubutun bayan an buga. Editan ya sa rabin kuɗi kafin a fara, gyara sau ɗaya, hira da aƙalla malamin gona ɗaya da manomi ɗaya da ya yi amfani da buhun.

Takardar tana da iyakarta. Ba ta mayar da raggon marubuci gwani, kuma idan ta kai shafi biyar tana tsara kowace jimla, gara edita ya rubuta abinsa da kansa. Wani lokaci ma bincike yakan ƙaryata ta. Da marubuciyar ta koma Dawanau ta zanta da masu sayar da buhu, sai ta ji suna ta kokawa kan jabun buhuna masu siririyar leda, alhali ledar na gaskiya kauri gare ta. Babu wannan a takardar. Ba ta yi shiru ta cusa shi ba, ba ta kuma yar da shi ba. Ta kira edita tun ranar 27 ga Agusta: "Yallaɓai, akwai maganar jabu. In ba mu faɗa ba, mutum zai bi matakanmu duka wakensa ya lalace, ya ce ƙarya muka yi. Ina neman kalma ɗari daga kason buɗewa da na kurakurai."

Ya amince, ya gyara takardar, ya sake aika mata don kowa ya riƙe kwafi iri ɗaya. Rubutun ya iso ranar 8 ga Satumba da ƙarfe 11 da minti 20, kalmominsa 1,260. Gyaran edita bai wuce wuri uku ba: jimla ɗaya da ta yi tsawo, farashin da ya ce a sake tabbatarwa, da wani "ka" da ya sulale a sakin layi na shida.